Hoto Na Nan a Wayar Mai Aikawa, Amma Bai Je Ko'ina Ba

Ɗan ƙaramin hoton da ke bayyana a cikin tagar hira daidai lokacin da aka danna alamar aikawa ba daga intanet ya fito ba, kuma ba shaida ba ne cewa wani abu ya bar wayar. Wayar mai aikawa ce ta ƙera shi da kanta, daga ainihin hoton da ke ajiye a cikinta, cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Ko da an cire layi, an kashe data, an shiga lungun da babu sabis ko sanda ɗaya, manhajar WhatsApp za ta nuna wannan ɗan hoton a cikin hirar, a gefen mai aikawa, har da lokacin da aka tura shi a rubuce a ƙasansa. Daga nan ne yawancin rigimar "na turo maka" da "ban ga komai ba" take samo asali, kuma sau da yawa duk su biyun gaskiya suke faɗa.

Masu ƙera manhajojin hira da gangan suka tsara abin haka. Mutum ba ya son ya danna abu ya zauna yana kallon fili babu komai, don haka manhajar takan nuna saƙon nan take kamar an gama, sannan ta ci gaba da ainihin aikin a bayan fage. Tsarin yana da daɗin amfani, amma ya ɗora wa mai waya nauyin da ba kowa ya sani ba: gane bambanci tsakanin abin da manhajar ta nufa yi da abin da ta riga ta yi. Hoton babba ne, yana cika ido. Alamar da ke faɗin gaskiyar lamarin kuwa 'yar mitsitsiya ce a kusurwar ƙasa, ga ta da launin toka, wanda idon da ke sauri ba ya tsayawa a kanta.

Tafiyar hoto a WhatsApp kashi biyu ce, ba ɗaya ba, kuma wannan shi ne ginshiƙin fahimtar matsalar. Tun watan Afrilu na 2016 kamfanin ya kammala sanya dukkan saƙonni cikin tsarin kullewa daga baki zuwa baki, wato babu mai iya buɗe saƙo sai wayar mai aikawa da ta mai karɓa. A bayanin da kamfanin ya wallafa kan tsarin tsaronsa, idan aka tura hoto ko bidiyo ko murya, wayar mai aikawa takan fara ƙirƙiro sabon makulli na lissafi don wannan fayil kaɗai, ta kulle fayil ɗin da shi, sannan ta ɗora kullallen fayil ɗin a wata ma'ajiya a kan manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda ake kira saba. Bayan an gama ɗorawa sai ta aika wa mai karɓa wani ɗan gajeren saƙo ta hanyar da rubutu ke bi. A cikin wannan saƙo akwai makullin, akwai adireshin inda aka ajiye fayil ɗin, akwai kuma wata lamba ta tantancewa da aka lissafo daga fayil ɗin don a gane idan ya lalace a hanya. A tare da su ake cusa wani ɗan hoto mai dishi-dishi wanda nauyinsa bai taka kara ya karya ba.

Abin ya yi kama da aika kaya ta tashar mota. Mai kaya yakan kai ƙunshi tasha a loda, sannan ya kira wanda zai karɓa ya ba shi lambar direba da siffar buhun. Idan ba a loda kayan ba, babu lambar da za a bayar, don haka na can bai ma san ana shirin aiko masa da wani abu ba. Idan kuwa an loda an kuma kira, yana iya sanin siffar buhun sarai alhali bai je tasha ya karɓa ba.

Misali ɗaya zai fito da yadda nauyi da gudun sabis ke shiga cikin lamarin. A ɗauka wani ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari da ke Kano, zai tura wa wata mai saro kaya a Maradi hoton sabuwar atamfa. Kyamarar wayarsa ta ɗauki hoto mai nauyin megabait 4. Idan ya tura shi ta hanyar da aka saba, manhajar za ta matse shi ta rage faɗinsa, ya dawo, a ce, kilobait 200. Ana auna gudun sabis da bit ne, kuma bit takwas ke yin bait ɗaya, don haka kilobait 200 daidai yake da kilobit 1,600. A kan sabis mai kyau wannan aikin ƙiftawar ido ne. Amma a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, lokacin da dubban wayoyi ke rububin turken sabis guda, wayar na iya faɗowa zuwa tsohon tsarin da ke nuna harafin E a saman allo. Idan abin da ke iya fita daga wayar a lokacin bai wuce kilobit 40 a daƙiƙa ba, hoton na buƙatar daƙiƙa 40 ba tare da yankewa ba. Da ya zaɓi tura shi a matsayin takarda don kada launin atamfar ya lalace, dukkan megabait 4 ɗin ne za su tafi, wato kilobit 32,000, kimanin minti 13. Bidiyo mai megabait 12 kuwa zai ci minti 40 cur.

A duk tsawon wannan lokaci hoton atamfar na nan a tagar hirarsa, da kyansa da komai. A wayar matar da ke Maradi babu ko alama, domin ɗan gajeren saƙon da ke ɗauke da makulli da adireshi yana jiran a gama lodin. Abin da ya fi rikita mutane shi ne abin da kan biyo baya. Ɗan kasuwar ya rubuta "ga shi nan Hajiya, turmi nawa za a ajiye miki?" Wannan rubutu bai kai ko kilobait ɗaya ba, don haka yakan sulale ya wuce ko a kan sabis mai rauni, ya isa Maradi kafin hoton. Hajiya ta ga ana cewa ga shi nan, ta duba sama da ƙasa babu hoto. Shi kuma yana ganin hoton da idonsa, yana kuma ganin amsarta tana shigowa, sai ya ɗauka ai tunda ana hira to komai na tafiya daidai.

Wani abin da ke ƙara dagula wannan mataki shi ne yawancin layukan waya an tsara su ne don saukar da abu ya fi ɗora shi sauri. Mutum na iya kallon bidiyon da wasu suka ɗora ba tare da tsayawa ba, amma nasa ɗan hoton ya maƙale. Haka nan waya na buƙatar ƙarfin batirinta don ta isar da sigina zuwa turken sabis, kuma muryarta ba ta kai ta turken ƙarfi ba, shi ya sa a bakin iyakar sabis ake iya karɓa amma a kasa aikawa. Sandunan da ke saman allo suna nuna yadda wayar ke jin turken ne kawai, ba su cewa komai game da cunkoso ko ragowar data.

Sai kuma aljihu. Ɗan kasuwar ya ga hoto ya bayyana, ya kulle allo ya jefa wayar a aljihu don ya saurari wani mai saye. Tsarin Android, tun daga fitowarsa ta 6.0 a 2015, yana da dabarar lallaɓa manhajoji su yi barci idan an ajiye waya don a tanadi caji, kuma kamfanonin ƙera waya da yawa sun ƙara nasu matakan tanadin batir a kai. Idan aka kunna tanadin caji ko tanadin data, ko aka hana manhajar amfani da data a bayan fage, lodin na iya tsayawa a tsakiya. Idan aka dawo bayan awa guda, hoton na nan inda aka bar shi, sai dai a tsakiyarsa akwai 'yar kibiya mai kallon sama tana jiran a sake dannawa. Wanda bai lura da kibiyar ba zai iya kwana yana jiran amsar saƙon da bai taɓa fita daga wayarsa ba.

Alamomin kusurwar ƙasa su ne kaɗai abin dogaro, kuma kowace tana da iyakar abin da take shaidawa. Ɗan agogo na nufin saƙon na cikin wayar mai aikawa, bai kai ga saba ba. Da'irar da ke zagaye a kan hoton tana cika a hankali na nufin ana kan lodi. Tik ɗaya mai launin toka na nufin saba ta karɓa. Tik biyu masu launin toka na nufin saƙon ya sauka a wayar mai karɓa ko a ɗaya daga cikin na'urorin da ya haɗa da asusunsa. Tik biyu shuɗaye, waɗanda aka shigo da su a watan Nuwamba na 2014, na nufin an buɗe hirar, amma mai karɓa na da damar kashe wannan alamar, don haka rashinta ba hujja ba ce. A cikin zauren mutane da yawa tik na biyu ba ya bayyana sai saƙon ya isa ga kowa da kowa, shi ya sa a can ya fi kyau a danne saƙon a zaɓi Info, inda za a ga sunayen waɗanda ya isa gare su ɗaya bayan ɗaya.

Tik ɗaya da ya ƙi zama biyu yana da dalilai da dama, kuma ba a iya rarrabe su daga alamar kaɗai. Mafi yawa wayar mai karɓa ce a kashe, ko ba data, ko ba sabis. Saba takan riƙe saƙon a kulle tana jira, amma ba har abada ba. Dokar sirrin kamfanin ta ce saƙon da ba a isar ba ana ajiye shi har zuwa kwana 30, bayan nan a goge shi. Wannan iyaka ta taɓa mutanen Arewa kai tsaye. A farkon watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matakan tsaro, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, kuma a wurare da yawa katsewar ta wuce wata guda. Saƙon da aka tura wa wanda ke cikin waɗannan yankuna a farkon katsewar, idan bai fita zuwa inda akwai sabis ba, wa'adinsa ya cika kafin a dawo da layi. A wayoyin 'yan uwa da ke Kano ko Abuja hotunan na nan cikin hira da tik ɗinsu ɗaya, a can kuwa babu abin da zai taɓa sauka.

Dalili na biyu ya fi ɗaci: toshewa. Idan mai karɓa ya toshe lambar mai aikawa, manhajar ba ta faɗa wa wanda aka toshe. Hotonsa zai bayyana, zai lodu, zai sami tik ɗaya, ya tsaya nan. Ko daga baya an cire toshewar, saƙonnin da aka tura a lokacinta ba za su isa ba. Kamfanin ya bar abin a dunƙule da gangan don kare wanda ya yi toshewar, kuma wannan hukunci ne mai ma'ana idan aka tuna cewa mutane da yawa, musamman mata, suna toshe lamba ne don guje wa mai takura musu. Sai dai illarsa ita ce zargi kan faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, alhali wataƙila wayarsa ce ta lalace, ko ya sauya lamba bai sanar ba. Bai kamata a yanke wa kowa hukunci da tik ɗaya ba.

Zuwa nan duk maganar a kan wayar mai aikawa ce. Akwai kuma ɗaya fuskar, inda ɗan hoton ke bayyana a wayar mai karɓa shi kansa amma ainihin hoton ya ƙi zuwa. A koma ga Hajiya a Maradi. An gama lodi a Kano, gajeren saƙon ya iso, tik ya zama biyu a wayar ɗan kasuwar. Abin da ta gani shi ne wani abu mai dishi-dishi, ana iya gane akwai ja da ruwan ɗorawa a ciki amma ba a ganin zanen, a tsakiya kuma ga kibiya mai kallon ƙasa da adadin nauyin fayil ɗin. Wannan shi ne ɗan hoton da aka cusa a cikin saƙon. Tik biyun da ɗan kasuwar ke gani shaida ce ta isar wannan gajeren saƙo kawai, ba ta saukar da cikakken hoton ba. Dole wayarta ta bi adireshin ta je ma'ajiya ta ɗauko kullallen fayil ɗin, ta lissafa lambar tantancewarsa ta gwada da wadda aka aiko, sannan ta buɗe shi da makullin. Idan wani yanki ya ɓace a hanya lambobin ba za su yi daidai ba, manhajar kuma ba za ta nuna rabin hoto ba, sai dai ta ce saukarwa ta gaza.

Abubuwan da ke hana wannan mataki na ƙarshe sanannu ne. Mutane da yawa sukan kashe saukarwa ta kai tsaye don tattalin data, a ƙarƙashin Settings, sannan Storage and data, kuma wannan dabara ce mai kyau ga wanda ke cikin zaurukan da ake zuba bidiyo dare da rana. Amma wanda ya yi haka dole ya danna kowane hoto da hannunsa. Cikar ma'ajiyar waya ma na hanawa, domin babu inda za a ajiye abin da aka ɗauko, haka katin memori da ya lalace. Akwai kuma dalilin da ba kasafai ake zato ba: kwanan wata. Kafin waya ta amince da saba takan duba takardar shaidar tsaron sabar, wadda ke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan agogon wayar ya koma wata shekara ta baya, kamar yadda kan faru da wasu wayoyi bayan an cire batir, sai ta ɗauka takardar ba ta da inganci ta ƙi haɗuwa da ma'ajiyar. Gyara kwanan wata kaɗai kan warware wannan.

Jinkiri shi ma yana da nasa sakamakon. Ma'ajiyar kamfanin wurin tsayawa ne na ɗan lokaci, ba rumbun ajiya ba. Wanda ya bar hoto mai dishi-dishi ya daɗe bai danna ba yana iya dawowa ya tarar an kwashe fayil ɗin daga saba, manhajar ta ce masa ya nemi a sake turowa. Idan mai aikawar shi ma ya riga ya share hoton daga wayarsa, ko wata manhajar share tarkace ta share masa, to a wayoyin biyu babu abin da ya rage sai ɗan hoton nan, domin shi yana zaune ne a cikin kundin hirar, ba a inda ake ajiye hotuna ba. Ana ganin inuwarsa, ba a iya buɗe shi, ba a iya tura shi gaba. Rasit na banki da takardun makaranta da yawa sun salwanta ta wannan hanya, saboda mai su ya ga suna nan cikin hira ya ɗauka an adana su.

Wani lokaci kuma laifin ba na kowace waya ba ne. Ranar 3 ga Yuli, 2019, mutane a sassan duniya da dama sun wayi gari suna iya tura rubutu a WhatsApp amma hotuna da bidiyo sun ƙi tafiya ko sauka, matsalar da ta shafi Facebook da Instagram a lokaci guda har tsawon sa'o'i. Wannan rana ta fito da rabuwar hanyoyin biyu a fili: ta rubutu na aiki, ta fayil ta tsaya. Ta bambanta da ta ranar 4 ga Oktoba, 2021, lokacin da komai na kamfanin ya ɗauke na kimanin sa'o'i shida, rubutu da hoto duka suka tsaya a kan ɗan agogo. Idan mutane da yawa a kan layuka daban-daban suna kuka da abu guda a lokaci guda, babu amfanin goge manhaja a sake saukarwa, hasali ma yin hakan ba tare da ajiyar kwafi ba na iya jawo asarar tsofaffin hirarraki.

Akwai wani yanayi na daban da ke da alaƙa da makullan. Idan ɗaya daga cikin masu hirar ya sauya waya ko ya sake sanya manhajar, makullansa na sirri sukan canja. Saƙon da aka kulle da tsohon makulli yana iya isowa sabuwar wayar ta kasa buɗe shi, sai a ga rubutun "Waiting for this message. This may take a while." a maimakon hoto. Sabuwar wayar takan roƙi ta mai aikawa ta sake kulle saƙon da sabon makulli, kuma hakan ba ya yiwuwa sai wayar mai aikawa ta hau intanet. Maganinsa shi ne a kira shi a ce ya kunna data ya buɗe manhajar.

Gano inda hoto ya maƙale ba ya buƙatar mai gyara, idan aka bi matakan bisa jerin tafiyarsu. Mai aikawa ya fara duba tsakiyar hoton da kusurwarsa. Kibiya mai kallon sama, da'ira mai juyawa ko ɗan agogo duk suna nuna matsalar na wajensa, kuma abin yi shi ne ya duba ragowar data, ya matsa inda sabis ya fi ƙarfi, ya danna kibiyar, ya bar manhajar a buɗe har tik ya fito. Sake tura hoton sau uku ko huɗu ba ya taimakawa, domin kowane kwafi na neman rabonsa daga wannan ƙunƙuntar hanyar. Idan tik ɗaya ne, aikin wayarsa ya ƙare, sauran na ga wayar mai karɓa, kuma kiran waya ya fi jira. Idan tik biyu ne amma ana cewa ba a gani ba, sai a tambayi na can ko yana ganin wani abu mai dishi-dishi da kibiya. In yana gani, ya danna. In ta gaza, ya duba sararin ma'ajiya da kwanan watan wayar. In kuwa ba ya ganin komai sam, akwai yiwuwar saƙon ya sauka ne a kwamfuta ko wata wayar da ya haɗa da asusunsa yayin da babbar wayarsa ba ta kan intanet, ko kuma an tura wa wata lamba mai suna iri ɗaya, abin da duba lambar da ke saman hirar zai tabbatar cikin daƙiƙa kaɗan.